Raba x da y a ekwasiyon diferansiyel: dalilin da hanyar ke aiki, da amsoshin da rabawa ke ɓatarwa

Ɗalibin shekarar farko a jami'ar Marwa ko ta Ngawundere, da wanda ke karatun kimiyya a Injamena, duk sukan haɗu da wannan ekwasiyon da wuri:

y′ = f(x) · g(y)

Ana neman fonksiyon y wanda deribe ɗinsa, wato saurin canzawarsa, ya zama ninkin abubuwa biyu: ɗaya ya dogara ga x kaɗai, ɗaya ya dogara ga y kaɗai. A allo malam yakan rubuta dy/dx a madadin y′, ya kwashe duk abin da ke da y zuwa hagu, ya bar na x a dama, ya sa alamar entegiral gefe biyu, sai ga amsa. Hanyar tsohuwa ce, ana danganta ta ga Leibniz tun 1691, kuma tana aiki. Sai dai a tsakiyarta akwai rabawa da g(y), kuma duk inda aka raba da abu an riga an ɗauka cewa abin nan ba sifili ba ne, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. A wannan gurbin ne amsoshi na gaskiya ke zubewa.

Me ya sa aka yarda a "kai dx ɗaya gefen"

dy/dx ba adadi biyu ba ne da aka ɗora ɗaya kan ɗaya, alama ce guda ta deribe. Saboda haka wanda ya ji zuciyarsa ba ta kwanta da yanka ta biyu ba, yana da gaskiya. Abin da ke tallafe da hanyar shi ne ƙa'idar deribe ta fonksiyon da ke cikin wani fonksiyon.

Mu ɗauka f da g ba su da tsinkewa. Zaɓi wata tazara ta y inda g(y) ba ya taɓa zama sifili. A cikinta 1/g(y) yana da ma'ana, don haka yana da firimitif, mu kira shi H, wato H′(y) = 1/g(y). Haka nan F shi ne firimitif na f. Yanzu ɗauki amsa y(x) wadda ke zaune cikin wannan tazara, ka nemi deribe na H(y(x)):

[H(y(x))]′ = H′(y(x)) · y′(x) = y′(x) / g(y(x)) = f(x)

Ke nan H(y(x)) da F(x) deribe ɗinsu ɗaya ne. Fonksiyon biyu masu deribe ɗaya a kan tazara guda ba su bambanta sai da tsayayyen adadi, saboda haka

H(y(x)) = F(x) + C

Wannan shi ne daidai abin da ake samu idan aka rubuta ∫ dy/g(y) = ∫ f(x) dx. Rubutun dy da dx gajeriyar hanya ce ta tuna wannan hujja. Akwai ƙarin abu ɗaya mai amfani: tunda g ba ya tsinkewa kuma ba ya zama sifili a tazarar, alamarsa ba ta canzawa, don haka H ko dai yana hawa kullum ko yana sauka kullum. Wannan ne ke ba da damar juya H a fito da y shi kaɗai, ko da a aikace juyawar ba ta rubutuwa da alamomin da muka saba.

Sake duba jimlar da hujjar ta fara da ita: tazara inda g(y) ba ya zama sifili. Duk abin da aka gina a kanta aka gina shi. Hujjar ba ta ce komai ba game da wuraren da g(y) = 0. Ba ta ce babu amsa a can ba, ba ta leƙa wurin ba ne kawai.

Abin da ke zaune a wurin da ba a leƙa ba

A ce akwai adadi a wanda g(a) = 0. Gwada fonksiyon da ba ya motsi, y(x) = a a kowane x. Hagu: deribe na tsayayyen adadi sifili ne. Dama: f(x) · g(a) = f(x) · 0 = 0. Gefe biyu sun daidaita, ko mene ne f. Saboda haka kowane adadi da ke mayar da g sifili yana ba da amsa cikakkiya, wadda za mu kira tsayayyar amsa. A zane, miƙaƙƙen layi ne a kwance.

Shi ya sa tsarin aikin da ya fi aminci ke farawa kafin rabawa:

1. Rubuta ekwasiyon a siffar y′ = f(x) · g(y), ka nuna wane ne f, wane ne g.
2. Warware g(y) = 0. Rubuta kowace tsayayyar amsa a gefe, ka tabbatar da ita cikin ekwasiyon na asali.
3. Rubuta a fili cewa daga nan g(y) ≠ 0, sannan ka raba ka yi entegiral. C ɗaya ya isa.
4. Fito da y, kana lura da alamar ± da tazarar x inda amsar ke da ma'ana.
5. Dawo kan amsoshin mataki na biyu ɗaya bayan ɗaya: shin akwai ƙimar tsayayyen adadin da ke fito da ita daga babbar dabarar? In babu, ka rubuta ta daban a amsar ƙarshe.

Mataki na biyar ne ke buƙatar natsuwa, domin tsayayyar amsa ba hali ɗaya take nunawa ba.

Wadda ke dawowa da kanta

Ɗauki y′ = 2xy. A nan g(y) = y, tsayayyar amsa ita ce y = 0. Idan y ≠ 0, rabawa da entegiral suna ba da ln|y| = x² + C, wato |y| = e^C · e^(x²). Cire sandunan nan biyu yana kawo ±, sai mu haɗe ±e^C cikin harafi ɗaya, K:

y = K · e^(x²)

A bisa yadda aka samo shi, K ba zai zama sifili ba, domin e^C bai taɓa zama sifili ba. Amma idan ka sa K = 0 da hannunka, y = 0 ce ke fitowa, kuma mun riga mun tabbatar amsa ce. Don haka a ƙarshe muna iya cewa K kowane adadi ne. Lura da tsarin hujjar: an halatta K = 0 ne saboda an gwada y = 0 daban, rabawar ba ta ba da shi ba. Wannan misali shi ne ke koya wa ɗalibai mugun sabo, domin wanda bai duba komai ba ma yakan faɗa kan amsar daidai, sai ya ɗauka kullum haka abin yake.

Wadda ba ta dawowa

Ga misalin da ya cancanci a zauna a kansa. Ekwasiyon ɗin da Verhulst, ɗan ƙasar Beljiyam, ya gabatar a 1838 don yawan al'umma mai iyaka, a siffarsa mafi sauƙi:

y′ = y(1 − y)

Ka ɗauki y a matsayin yawan kifi a tafki, an auna shi da iyakar abin da tafkin zai iya ciyarwa: y = 1 na nufin ya cika daidai ƙarfinsa, y = 0,2 na nufin kashi ɗaya cikin biyar. Masu su a madatsar Lagdo sun san ma'anar abin ba tare da alamomi ba: kifi kaɗan yana hayayyafa da sauri, idan ya yi yawa abinci ya taƙaita shi.

Mataki na biyu: g(y) = y(1 − y) yana zama sifili a y = 0 da y = 1. Duka biyun amsoshi ne, kuma suna da ma'ana a zahiri. Tafkin da babu kifi ba ya haifar da kifi, wanda ya cika daidai kuwa yana nan yadda yake.

Mataki na uku: idan y ba 0 ba ne kuma ba 1 ba ne, sai a farfasa kason:

1 / [y(1 − y)] = 1/y + 1/(1 − y)

Entegiral na 1/y shi ne ln|y|. Na 1/(1 − y) kuwa −ln|1 − y| ne, kuma alamar ragi ɗin nan ita ce aka fi mantawa a takardun jarrabawa. Haɗe su:

ln| y / (1 − y) | = x + C, wato y / (1 − y) = K · e^x, inda K ≠ 0

Mataki na huɗu: ninka da (1 − y), tattara y gefe ɗaya:

y = K·e^x / (1 + K·e^x)

Yanzu mataki na biyar. K = 0 yana ba da y = 0, wannan ta dawo. To y = 1 fa? Sai K·e^x = 1 + K·e^x, wato 0 = 1, abin da ba ya yiwuwa. Babu wani K da zai fito da y = 1. Idan K ya yi ta girma dabarar tana matsowa kusa da 1, amma rashin iyaka ba adadi ba ne da za a cusa a gurbin K. Cikakkiyar amsa ita ce dabarar nan da kowane K, sannan y = 1 a rubuce daban.

Abin mamaki a nan shi ne, wacce ce ke ɓata ya danganta da yadda ka tsara rubutunka. Raba sama da ƙasa da K·e^x, ka sa A = 1/K, za ka samu

y = 1 / (1 + A·e^(−x))

A wannan siffa A = 0 yana ba da y = 1, amma babu A da zai ba da y = 0, domin kaso mai 1 a sama ba ya zama sifili. Ɗalibai biyu a benci ɗaya suna iya fitowa da waɗannan siffofi biyu, kowannensu lissafinsa daidai, kowannensu ya rasa amsa ɗaya, kuma ba iri ɗaya suka rasa ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba a dogara ga babbar dabara ta gaya maka tsayayyun amsoshi. Daga g ake samo su.

Mu sa sharaɗin farawa mu gani. Idan y(0) = 0,2, to K = 0,2/0,8 = 0,25. Tafkin zai kai rabin ƙarfinsa lokacin da y/(1 − y) = 1, wato 0,25·e^x = 1, e^x = 4, x = ln 4, kusan 1,386. Idan kuma aka ba ka y(0) = 1, neman K zai kai ka ga 1/0. Da yawa a nan sukan rubuta cewa babu amsa, alhali amsar ita ce mafi sauƙi a duk aikin: y = 1. Duk lokacin da neman tsayayyen adadi ya jefa ka cikin rabawa da sifili ko ln 0, fara duba ko sharaɗin farawar ya sauka ne a kan tsayayyar amsa.

Tsayayyun amsoshin nan suna da wani aiki. Layukan y = 0 da y = 1 sun yanka filin zane gida uku, kuma babu amsar da ke tsallake su. Wadda ta fara tsakanin 0 da 1 a nan za ta ƙare rayuwarta, tana hawa tana kusantar 1 ba tare da ta taɓa shi ba. Wadda ta fara sama da 1 tana saukowa. Gwada y(0) = 2: K = 2/(1 − 2) = −2, ƙasan kason ya zama 1 − 2e^x, wanda ke zama sifili a x = −ln 2, kusan −0,693. Saboda haka wannan amsa tana da ma'ana ne kawai a x > −ln 2. Ɓangaren dabarar da ke hagu da wannan wuri wata amsa ce dabam, a gidan ƙasa da sifili take.

Wannan rashin tsallakewa shi ne ya halatta mana mu ce ± ɗin da ke cikin K alama ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Tushensa ƙa'idar Cauchy-Lipschitz ce: idan deribe na g yana nan kuma ba ya tsinkewa a kusa da wurin, to ta kowane ɗigo amsa ɗaya tak ke wucewa. Layin y = 1 ya riga ya mamaye ɗigoginsa, babu mai shiga.

Gangar ruwa: inda amsa ke isa layin ta kwanta a kansa

Akwai hali na uku, kuma shi ne ya fi kama mutane, domin a nan sharaɗin Cauchy-Lipschitz yake karyewa. Ɗauki gangar ƙarfe irin wadda ake tara ruwa a gidajen Garwa, a tsaye, an huda ta a gindi. Dokar Torricelli ta ce saurin fitar ruwan yana tafiya da √h, inda h shi ne tsawon ruwan da ke saman hudar. Tunda faɗin gangar ɗaya ne daga sama har ƙasa:

h′ = −k√h

Mu auna h da santimita, t da minti, mu ɗauki h(0) = 81 da k = 0,6. Wannan k ya yi kusa da abin da huda mai faɗin kamar santimita ɗaya za ta bayar a gangar lita 200.

g(h) = √h, tsayayyar amsa h = 0: ganga babu ruwa. Idan h > 0, entegiral na 1/√h shi ne 2√h, don haka 2√h = −0,6t + C. A t = 0, C = 2 × 9 = 18. Ke nan

√h = 9 − 0,3t, wato h = (9 − 0,3t)²

Bayan minti 10 ruwan ya sauko zuwa 36, bayan minti 20 ya rage 9, a minti 30 ya ƙare. Duba yadda saukar take: santimita 45 a minti goman farko, 27 a na biyu, 9 kacal a na ƙarshe, kamar yadda duk mai jiran ganga ta tsiyaye ya sani.

To sa t = 40 a dabarar. Tana ba da (9 − 12)² = 9. Wato ganga mai huda ta sake tara ruwa santimita 9 da kanta. Kuskuren ya shigo ne wurin ninka gefe biyu da kansu: √h ba ya sauka ƙasa da sifili, don haka layin √h = 9 − 0,3t yana aiki ne kawai muddin t ≤ 30. Gwaji a ekwasiyon na asali yana tona abin nan take. A t = 40 deribe na dabarar shi ne 2 × (−3) × (−0,3) = +1,8, alhali −0,6 × √9 = −1,8. Alamomin sun saɓa, dabarar ba amsa ba ce a wurin.

Amsar gaskiya guntu biyu ce da aka ɗinke: h = (9 − 0,3t)² daga t = 0 zuwa 30, sannan h = 0 daga 30 zuwa gaba. Ɗinkin ba shi da tabo, domin a t = 30 guntun farko ƙimarsa sifili, deribe ɗinsa ma 2 × 0 × (−0,3) = 0, daidai da na biyu. A nan tsayayyar amsar da rabawa ta zubar ita ce rabin labarin gangar. Wanda ya manta da ita ba zai iya faɗin halin gangar a minti 31 ba.

Kuma ta ɗigo ɗaya amsoshi da yawa ke wucewa. Idan ka tarar da gangar babu ruwa da la'asar, ba za ka iya sanin ko da azahar ta ƙare, ko tun hantsi, ko ba a taɓa zuba mata ruwa ba. Duk waɗannan amsoshi ne na ekwasiyon ɗaya da sharaɗi ɗaya. Dalili a lissafe shi ne deribe na √h, wato 1/(2√h), yana girma ba iyaka idan h ya kusanci sifili, sharaɗin ƙa'idar ya faɗi a daidai wurin.

Akwai gwajin da ke raba wannan hali da na tafkin kifi, kuma daga hujjar farko ya fito. Lokacin da amsa ke buƙata ta isa tsayayyen layi ana auna shi ne da entegiral na 1/g har zuwa wurin. A ganga, entegiral na 1/√h daga 0 zuwa 81 adadi ne mai iyaka, 18, kuma 18/0,6 = 30, mintunan da muka samu. A tafki, entegiral na 1/(1 − y) yana ba da logaritim, wanda ke tafiya ba iyaka idan y ya kusanci 1, don haka babu lokacin isowa. A aikace: idan H ya fito da ln ko da kaso irin 1/y wanda ke fashewa a kan tsayayyar amsar, layin katanga ne, ba a taɓa shi. Idan H ya tsaya a adadi mai iyaka a wurin, kamar 2√h, to ka sa ran ɗinki, ka nemi lokacin da amsar ke sauka kan layin.

Inda ake ƙirƙiro amsar da babu ita

Wanda ya koyi wannan darasi yakan wuce gona da iri ta ɗaya gefen. A y′ = x/y, g(y) = 1/y ne, kuma ba ya taɓa zama sifili. y = 0 ba amsa ba ce, ekwasiyon ɗin ma ba shi da ma'ana a wurin. Haka y′ = x(y² + 1) ba shi da tsayayyar amsa ko ɗaya, domin y² + 1 bai sauka ƙasa da 1 ba. Wuraren da f(x) ke zama sifili su ma ba sa ba da tsayayyar amsa: a y′ = 2xy, x = 0 wuri ne kawai da kowace amsa ke kwanciya na ɗan lokaci kafin ta juya.

A ɗaya ɓangaren, g yana iya samun irin waɗannan wurare ba adadi. A y′ = x · sin y, duk y = nπ amsa ce, n kowane cikakken adadi, mai ragi ko marar ragi. Dabarar da rabawa ke bayarwa ita ce tan(y/2) = K·e^(x²/2). K = 0 yana dawo da y = 0, 2π, −2π da ’yan uwansu, amma y = π, 3π, −π ba sa fitowa, tunda tan(π/2) ba shi da ƙima. Rabinsu sun dawo, rabinsu sai an rubuta su da hannu.

Sai a kula da ekwasiyon da aka ba ka a wata siffa, kamar x·y′ = y². Kafin ka raba da y², gwada y = 0 a siffar da aka bayar: x · 0 = 0, ta zauna. Rabawa tana ba da −1/y = ln|x| + C, wato y = −1/(ln|x| + C), kuma babu C da ke mayar da wannan sifili, don haka y = 0 tana buƙatar layinta daban. Rabawa da x kuwa wani abu take yi: tana tilasta maka ka yi aiki a x > 0 ko a x < 0, kowane gefe da nasa C, kuma a kowane gefe ɗigon da ln|x| = −C yana sake yanka tazarar biyu.